Haɗa Rinin Gashi Kala Biyu: Awo Kafin Kwaɓi

A wani shagon gyaran gashi na ga wata baiwar Allah ta zare ɗankwali tana nuna gaban goshinta, inda furfura ta cinye kusan rabi. "Anti, ba na son baƙi wuluk ɗin nan mai kama da an shafa shuni," ta ce wa mai shagon. "Makuba nake so, mai duhu." Mai shagon ba ta da makuba, sai ta ɗauko kwali biyu da ɗan sikelin kicin. Sikelin nan ne ya sa na gyara zama, domin yawancinmu da ido muke awo, kuma daga nan ɓarna take farawa.

Yawanci kwalin rinin gashi, wanda mata ke kira dayis, yana ɗauke da lamba. Ta farko tana nuna duhu: 1 baƙi ne, 4 ruwan ƙasa mai duhu, haka ake ta haske har zuwa 10. Wadda ke bayan ɗigo kuwa ita ce ke faɗin inda launin ya karkata, ko ja, ko ruwan zinariya, ko toka-toka. Sifili yana nufin launin asali, kuma shi ne mai rufe furfura sosai.

Mai shagon ta ɗauki 4.0 da 4.6 na kamfani guda. Da jan kaɗai ta shafa, da furfurar ta fito jawur kamar an sa wa akuya lalle, saboda farin gashi ba shi da launin kansa da zai danne jan. Don haka ta auna giram 30 na 4.0 da giram 30 na 4.6 a kwanon roba, ta juya har suka zama abu ɗaya. Ba a kwaɓawa a kwanon ƙarfe. Da furfurar 'yar kaɗan ce, kashi ɗaya na asali da kashi biyu na ja sun isa.

Sai ruwan haɗi, wato farin ruwan nan mai kauri da ke tayar da rinin. Kwalinta ya ce 1:1.5, ma'ana kowane kashi ɗaya na rini yana son kashi ɗaya da rabi na ruwan haɗi. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe: lissafin a kan jimillar rinin biyu ake yin sa. Giram 60 ke cikin kwano, saboda haka 90 ta zuba, mai ƙarfin 20 vol. Idan ruwan ya yi yawa, kwaɓin zai tsinke, launin ya fito salam-salam, furfura tana leƙowa. Idan ya yi kaɗan, sai launin ya fi yadda ake so duhu.

A kula kuma da tazarar lambobi. Daidai wa daida na 4 da 6 yana ba da kusan 5, amma wadda ta cuɗa 1 da 8 kada ta sa ran tsaka-tsaki, baƙin zai rinjaya.

To, ko za a iya haɗa na kamfani biyu? Ni dai ba na ba da wannan shawara, kuma kamfanonin ma ba sa bayarwa. Ɗauki Majirel na L'Oréal, wanda awonsa 1:1.5 ne, da Koleston Perfect na Wella, wanda yake 1:1. In kin zuba su a kwano ɗaya, umarnin wa za ki bi? Ko lambobin ma ba bakinsu ɗaya ba: 6 a bayan ɗigo ja ne a wurin L'Oréal, a wurin Wella kuwa shunayya ne. Ko a gida ɗaya, ba a gama rini mai zama dindindin da wanda ake shafawa ba tare da ruwan haɗi ba, mai fita bayan 'yan wanki.

Abin da ya fi damuna shi ne lalle. Wasu garin lallen kwali ana sa musu sinadaran ƙarfe, waɗanda in suka gamu da ruwan haɗi gashi na iya yin zafi ya karairaye. Wadda kuma baƙin lalle ya taɓa sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, ta nisanci dayis har sai ta ga likita, domin sinadarin PPD da ke cikin irin wannan lallen yana cikin rinin gashi da yawa. Kowa ma ta gwada ɗan kaɗan a fata, kamar yadda takardar cikin kwali ta nuna, awa 48 kafin ranar shafawa. Mai rilaksa ta jira mako biyu.

Ita wannan matar ta riga ta yi gwajinta. Aka fara shafawa daga goshi, aka ba shi minti 35 kamar yadda kwali ya ce, aka wanke. Ragowar kwaɓin aka zubar, don ba ya ajiyuwa, in an rufe shi a kwalba ma yana iya fashewa. Mai shagon ta jawo wani tsohon littafi ta rubuta sunan matar, a gabansa ta sa: 4.0 giram 30, 4.6 giram 30, ruwa 90. Nan da mako shida, in saiwa ta tofo, da wannan layin za ta sake samo makubar.