Yadda ake ɗinke tsohon hoto a kwamfuta ba tare da an sauya fuskar mai shi ba

A gidaje da yawa akwai hoto guda wanda babu kamarsa: na ranar aure, ko na dawowa daga Makka, ko wanda aka ɗauka a shagon mai hoto tun shekarun 1970. Ya sha ninki a cikin akwati, danshin damina ya taɓa shi, gara ta ci gefensa. Ana iya gyara irin wannan da kayan aiki biyu da ke cikin Photoshop, ko cikin GIMP wadda ake samu kyauta. Wahalar aikin tana wajen rarrabe ɓarna da abin da ke jikin mutumin tun asali.

Mu ɗauki hoto baƙi da fari, inci 4 da inci 6. Maigida yana zaune cikin babbar riga, uwargida na tsaye a gefensa, bayansu labule. Yagewa ta taso daga sama ta ratsa labulen har kafaɗar maigida, layin ninki ya gitta kumatunsa, kusurwoyi biyu kuma sun gutsure: ta sama inda labule yake, da ta ƙasa inda takalminsa yake.

Kafin komai, kada a liƙa masa salatif. Gam ɗinsa yana yin rawaya da daɗewa, ranar da aka zo ɓare shi kuma sai ya tafi da fatar hoton. A goge gilashin sikana, a kwantar da hoton, a ɗauke shi a 600 dpi. Wannan zai ba da fiksel 2400 da 3600, wanda ya isa a buga hoton inci 8 da 12 ba tare da ya dusashe ba. A ɗauke shi da kala ko da baƙi da fari ne, domin tabon ruwa mai rawaya ya fi sauƙin ganewa da cirewa a haka. A adana shi a TIFF, don JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake adana shi. In hoton ya rabu biyu, a ɗauki kowane ɓangare daban, a jera su a kwamfuta har bakinsu ya haɗu. Sannan a buɗe sabuwar shimfiɗa a samansa da New Layer, a saita Sample a kan Current & Below, ko Sample merged in GIMP ce, a yi duk gyaran a nan. Hoton asali yana ƙasa ba a taɓa shi ba, duk abin da ya ɓaci sai a share a sake.

Na farkon kayan aikin shi ne Clone Stamp. Ana danne maɓallin Alt, ko Ctrl a GIMP, a taɓa wuri mai lafiya, sannan a shafa a inda ya lalace. Yana kwaso abin da ke can ne kamar yadda yake, ya dasa shi nan, tamkar tela da ya yanko ƙyalle daga cikin riga ya yi mata faci. Na biyun shi ne Healing Brush, wanda ya shigo Photoshop a 2002, GIMP kuma tana kiran nata Heal. Shi ma daga wuri mai lafiya yake ɗebowa, amma zubin wurin kawai yake ɗauka, sai ya daidaita haske da launi da na gefen da aka shafa. Shi ya sa gyaransa yake sajewa. Nan kuma rauninsa yake: in aka kai shi inda fari da baƙi suka yi iyaka, sai ya jawo duhun ya dame shi cikin hasken, a ga wani shafe kamar hayaƙi.

Saboda haka yagewar nan da hannu biyu ake kama ta. A cikin labule, inda babu iyaka mai kaifi, Healing Brush ya wadatar: buroshin ya ɗan fi faɗin yagewar kaɗan, a riƙa ɗan taɓawa gajere-gajere, kada a ja layi ɗaya dogo. Da an iso kafaɗa, inda farar riga ta haɗu da labule mai duhu, sai a koma Clone Stamp. A ɗebo daga kan layin kafaɗar daidai, inda bai yage ba, a ɗora shi daidai kan inda layin ya kamata ya bi, a haɗe giɓin. Sai iyakar ta tsaya cak sannan a dawo da Healing Brush ya gyara ɓangarorin biyu, ba tare da ya taɓa ta ba.

Kusurwar sama ba ta da wuya, amma Healing Brush ba zai iya ta shi kaɗai ba, tunda farin giɓin zai jawo ya cuɗa. Da Clone Stamp ake cike ta, ana bin saukar ninkin labulen, ana sauya wurin ɗiba bayan kowane shafi biyu ko uku. Wanda ya yi ta ɗiba daga wuri guda zai ga tabo ɗaya ya jeru sau huɗu, kuma ido yana kama wannan nan take. Kusurwar ƙasa ita ce mai tambaya. Rabin takalmi ya tafi. In ɗaya ƙafar tana nan a irin wannan zaman, ana iya kwafo ta a juya ta hagu zuwa dama, muddin an duba inuwa ta faɗi ɓangaren da hasken shagon ya jefa ta. In ba haka ba, gara a datse hoton kaɗan daga ƙasa. Wannan dabarar juyawa kuma kada a kai ta ƙirjin babbar riga, domin aikinta ba ɗaya yake hagu da dama ba: aljihu da askokinsa suna ɓangaren hagu ne, duk wanda ya san riga zai gane an yi mata ƙari.

Fuska ake bari ƙarshe, kuma a nan na fi son mai gyara ya yi jinkiri. A ƙara girman hoton zuwa 200%, a rage buroshi ya zama kaurin layin ninkin kawai, a ɗebo daga fatar da ke dab da shi, mai haske iri ɗaya. Kada a ɗebo daga goshi mai ƙyalli a kai ƙarƙashin ido. Kada kuma a kwafo ido ɗaya a juya a maye gurbin ɗayan, don babu mutumin da idanunsa biyu suke daidai, 'ya'yansa za su kalli hoton su ce wannan ba babansu ba ne, ko da ba su iya faɗin dalili ba.

Sai maganar tsaga. Iyayenmu da kakanninmu da yawa suna da zane a fuska, wani bille, wani askar gidansu, kuma a tsohon hoto waɗannan siraran layuka ne da Healing Brush zai share cikin taɓawa ɗaya. Akwai hanyar rarrabewa. Layin ninki yawanci fari ne, saboda fatar hoton ce ta tsage takarda ta leƙo, kuma yana tafiya a miƙe ya wuce fuska ya shiga hula ko labule, in an juya takardar ma za a gan shi a baya. Tsaga kuwa tana bin lanƙwasar kumatu, ta tsaya a cikin fata. Inda ninki ya gitta tsaga, a ɗebo daga tsagar kanta a haɗa ta da Clone Stamp, kamar yadda aka yi wa kafaɗa. In an yi kokwanto, a kai wa dattijuwar gidan hoton a tambaye ta, ita ta san fuskar.

Gyaran da ya wuce kima yana da alama: tsohon hoto yana da ɗan tsakin-tsaki a jikinsa, wurin da aka cika shafa kuwa sai ya yi sumul kamar roba. A mayar da girman zuwa 100%, a riƙa kashe shimfiɗar gyaran ana kunna ta. Duk abin da ya motsa a fuskar wanda ba ninki ba ne, a share shi a sake. Bayan an gama a adana kwafi mai shimfiɗunsa a PSD ko XCF, a fitar da JPEG don bugawa da tura wa dangi, a kuma bar sikanin farko yadda yake. Takardar asali a sa ta a kwance cikin ambulan mai tsabta, nesa da rana da danshi, kuma kada a kai ta a manne ta cikin leda da zafi, domin wannan ba ya ɓaruwa.