GWAJIN RANAR FARA AWO: ME AKE NEMA A JININKI DA FITSARINKI?



Saƙon yau na mai cikin fari ne, amma maigida kai ma ka karanta, don akwai naka a ciki.

'Yar'uwa, ranar da kika fara zuwa awo, ko a Babban Asibitin Dutse ne, ko Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, ko asibitin Jahun ko na Birnin Kudu, za a ɗebi jininki a ƙananan kwalabe, a ba ki 'yar roba ki kawo fitsari. Jinin bai wuce cokalin shayi biyu zuwa uku ba, ba zai rage miki komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa a fara awo a cikin makonni 12 na farko. Don haka kar kunyar cikin fari ta sa ki jira sai ya fito. Ga abubuwa huɗu da ake dubawa.

*1. YAWAN JINI*

A katinki za ki ga an rubuta Hb ko PCV. Kusan abu ɗaya suke aunawa, wato ƙarfin jinin da ke kai iska gare ki da ɗan da ke cikinki. Lissafin mai sauƙi ne: PCV ya kan ninka Hb kamar sau uku. Idan Hb ya kai 11, wato PCV 33, madalla. Ƙasa da haka jini ya fara ƙaranci. Idan kuwa Hb bai kai 7 ba, wato PCV ƙasa da 21, wannan na gaggawa ne, wataƙila sai an yi ƙarin jini.

Abin tsoron shi ne ranar haihuwa. Kowace mace tana zubar da jini, amma wadda ta shiga naƙuda da ɗan kaɗan, zubar da wata za ta jure ita sai ta kayar da ita. Kuma kar ki ce ai ba kya jin jiri; jini yana raguwa a hankali ba tare da kin ji ba.

*2. RUKUNIN JINI*

Za a rubuta A, B, AB ko O, sai alamar + ko − a gefe. Wannan daban yake da jinotayif, wato AA, AS ko SS da ake yi kafin aure don gudun sikila. Mutane da yawa suna haɗa su.

Amfanin farko: idan aka buƙaci jini cikin dare, an san irin da za a nema. Na biyu yana ga alamar nan. Mata kaɗan ne ke da −. Idan kina cikinsu kuma mijinki + ne, ɗan zai iya ɗauko na uba. In jininsa ya gauraya da naki, jikinki zai ɗauke shi baƙo ya haɗa masa makami. Ɗan fari yawanci yana tsira, na baya ne ke shan wahala: shawara mai tsanani, ƙarancin jini, ko mutuwa a ciki. Rigakafin allura ce mai suna Anti-D. Ana yin ta wajen mako na 28, sannan a cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn + ne. Haka ma bayan ɓari ko zubar jini. Idan jiki ya riga ya haɗa makamin, allurar ba ta warware shi, shi ya sa cikin fari ne lokacinta.

*3. CUTUTTUKAN DA KE BIN JINI*

Uku ake nema: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, da tunjere. Kowa ake yi wa, ba wai an zarge ki ba ne. Dukkansu suna iya zama a jiki shekaru ba alama, kuma suna iya wucewa ga jariri.

Ƙanjamau: in ba magani, cikin jarirai 100 na masu ɗauke da cutar, 15 zuwa 45 za su kamu. Da shan magani a kan ƙa'ida, adadin yana sauka ƙasa da 5.

Ciwon hanta: a kati ana rubuta HBsAg. In an same shi, dole jariri ya samu allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa. Wadda ta haihu a gida aka ce sai bayan suna, ta wuce lokacin da allurar ta fi amfani.

Tunjere: VDRL ake rubutawa. Yana jawo ɓari da haihuwar ɗa ba rai, amma allurar fenisilin tana kashe shi.

Maigida, a nan ne naka. In an samu ɗaya daga ciki, kai ma ka je a gwada ka, da abokiyar zamanta in akwai, in ba haka ba tunjere zai dawo mata bayan magani. Kuma ka yi hattara da zato. Ciwon hanta a ƙasarmu da yawa tun yarinta ake ɗaukarsa, daga uwa, ko ta aska da reza da aka yi tarayya.

*4. FITSARI*

Ana duba furotin, suga, da alamar ƙwayoyin cuta. Ki wanke gabanki da ruwa, ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya. In ruwan gaba ya shiga robar, sai gwaji ya nuna abin da babu.

Ƙwayoyin cuta na iya zama a mafitsara ba zafi ba ƙaiƙayi, su hau ƙoda ko su tayar da naƙuda kafin lokaci. Furotin kuwa, in ya bayyana bayan mako na 20 tare da hawan jini 140/90, gargaɗi ne na jijjiga, wadda ta fi kama masu cikin fari. Shi ya sa ake maimaita gwajin. Na ranar farko shi ne ma'aunin da za a kwatanta na baya da shi.

*MU KARANTA KATI ƊAYA*

A ce mai ciki wata huɗu ta zo daga Kiyawa. Katinta: PCV 27, O−, cututtukan uku babu, fitsari lafiya.

PCV 27 yana nufin Hb kamar 9. Jini ya yi ƙasa, amma bai kai na ƙari ba. Za a ba ta ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum, a duba maleriya, a ba ta Fansida na rigakafi tunda ta wuce wata uku. Kar ta kora ƙwayar da shayi, yana hana ta shiga jiki. Lemon zaƙi ya fi. Bayan gida zai yi baƙi, ba matsala ba ce. Zogale, wake da hanta kaɗan-kaɗan suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin ƙwayar. Bayan wata guda a sake gwaji. In bai motsa ba, a bincika: ko ba ta sha, ko tsutsar ciki, ko maleriya, ko sikila.

Saboda O−, a gwada mijin. In + ne, ya fara tanadin kuɗin Anti-D tun yanzu, don tana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Ya kuma nemi ɗan'uwa ko aboki mai O− da zai iya ba da jini, domin irinsa kawai ya dace a ƙara mata.

In za ki tafi goyon ciki gidan iyaye, katin nan ya riga zannuwa shiga jaka. Ki haddace abu biyu: rukunin jininki da PCV ɗinki na ƙarshe.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da za a haifa. A tura wa amare da iyayensu.