Layin Farko Kafin Almakashin Instagram Ya Sauka

Mai duba Instagram ba ya zama, wucewa yake yi da ɗan yatsa. Hoton atamfa zai iya tsayar da shi na ɗan lokaci, sai idonsa ya sauka kan rubutun da ke ƙasa. A nan ne 'yan kasuwa da yawa ke asarar ciniki ba tare da sun sani ba.

Instagram ya yarda a rubuta haruffa har 2,200 a ƙarƙashin hoto, amma ba ya nuna su duka. Yakan bar kusan haruffa 125 na farko, ya datse sauran, ya ajiye kalmar "more" ga wanda ke son ci gaba. Lissafin ya haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi da waƙafi da aya. Sunan shafin mai kaya ma yana cin wuri, domin shi ke buɗe layin, kuma a ƙaramar waya datsewar takan zo da wuri. Facebook ma haka yake yi da "See more".

A ɗauki misalin wata mai sayar da atamfa da ke saro kaya a Kantin Kwari. Ta ɗauki hoto mai kyau, ta rubuta: "Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya, da fatan kowa ya tashi lafiya. Yau ma mun zo muku da sababbin kaya masu kyau". Haruffa 121 ke nan, wuri ya ƙare. Irin atamfar, da kuɗinta, da garin da take, duk sun faɗa bayan "more". Wadda ke neman ankon biki ta ga gaisuwa, ba ta ga farashi ba, ta wuce shafi na gaba.

Ba rashin iya kasuwanci ba ne ya jawo haka, tarbiyya ce. Bahaushe ba ya faɗa wa mutum da magana sai an gaisa, kuma a rumfa hakan daidai ne, tunda mai saye yana tsaye a gabanka, zai jira. A waya babu wannan jiran. Sallama ba ta ɓaci ba idan aka sauko da ita layi na biyu, ko aka ajiye cikakkiyar gaisuwa sai lokacin da mai saye ya turo saƙo, inda za ta fi daraja domin mutum ɗaya ake yi wa.

Da za ta sake rubutawa, sai ta ce: "Atamfar auduga zalla, turmi naira 25,000, saura turmi 4. Kantin Kwari, Kano. Ana aikawa Kaduna da Abuja." Wannan haruffa 104 ne, kuma 40 na farko sun riga sun faɗi abin da ake sayarwa da kuɗinsa. Ko da wayar mai saye ta datse rubutun a rabi, abin da ya fi muhimmanci ya tsira. Ba ta ambaci launi ko zane ba, saboda hoto ya gama wannan aikin. Layin farko na abin da ido ba ya iya gani ne: auduga ce ko roba, nawa ne, a ina take, za ta iso ko ba za ta iso ba.

"Saura turmi 4" yana sa mutum ya hanzarta, amma sai in gaskiya ne. Wadda kullum saura huɗu gare ta, cikin mako biyu masu bibiyarta za su gane.

Akwai ƙananan abubuwa masu cinye wurin. Wasu kan buɗe da jerin taurari da furanni, wasu da tarin kalmomi masu alamar #. Wasu kuma sukan rubuta kalma biyu su sauka sabon layi, manhajar ta datse tun daga nan. Mafi ciwo shi ne "DM for price", wato a turo saƙo a ji farashi. Mai kaya na ganin ya bar ƙofar ciniki a buɗe, alhali ya ɗora wa mai saye aikin da sau da yawa ba zai yi ba, musamman wanda ke jin nauyin ya tambaya sannan ya kasa saye.

Masu sayar da kaya ƙasashen waje sun saba da wannan matsi. A eBay, kanun talla ba ya wuce haruffa 80. A Etsy an ba da 140, amma a shafin bincike farkonsa kaɗai ke fitowa, shi ya sa gogaggu ke fara rubuta sunan kayan da girmansa kafin kowane yabo.

Gane ko layin yana aiki ba shi da wuya. Bayan an wallafa, sai a karɓi wayar wani a duba inda aka datse, domin mai rubutu ya riga ya san abin da ke ɓoye, idonsa ba zai lura da giɓin ba. Sannan a duba tambayoyin masu saye. Idan "nawa ne?" da "a wane gari kuke?" suka yi yawa alhali amsar tana cikin rubutun, to tana bayan "more". Instagram yana barin a gyara rubutu bayan wallafawa, don haka sai a danna "Edit" a ɗauko farashin a kawo shi gaba.