Tsakanin -er da more: Inda Ɗalibi Yake Tuntuɓe a Nahawun Turanci

Duk wanda ya taɓa duba littafin aikin gida na ɗan firamare ya san irin tambayar nan. A ba yaro jimla da gurbi a tsakiya, a ajiye masa sifa guda a gefe, a ce ya cike. Misali, *Kano is ___ than Zaria*, sifar kuma *big*. Amsar ita ce *bigger*, amma sau da yawa abin da yaron zai rubuta *more big* ne, ko ma *more bigger*.

Ba rashin kai ba ne. Hausa ba ta taɓa jikin sifa idan za ta yi kwatance, aikatau ɗin "fi" ne yake ɗaukar nauyin. Kano ta fi Zariya girma, Audu ya fi kowa tsawo. "Girma" da "tsawo" suna nan yadda suke. Da yaro ya ji *more*, sai ya ɗauka ya sami "fi" ta Turanci, ya riƙa liƙa ta ko'ina.

Ƙa'idar da ake koyarwa ta rataya ne a kan ƙirga gaɓoɓin kalma. Sifa mai gaɓa ɗaya ana ƙara mata *-er* idan abu biyu ake gwadawa, *-est* kuma idan ɗaya ya fi saura duka: *tall, taller, tallest*. Mai gaɓa uku ko fiye tana ɗaukar *more* da *most*, kamar *more expensive*. To, amma da wane kunne yaron yake ƙirgawa? Bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma, shi ya sa muka mai da *bread* burodi. Haka *clean* take fitowa "kilin", *strong* ta zama "sitiron". Kalmar da Bature yake ji gaɓa ɗaya ce, yaronmu ya tafa mata sau biyu ko uku, ya bi ƙa'ida daidai, ya rubuta *more strong*, malam ya ja masa jan biro. Maganin wannan a furuci yake, kuma sai malamin ya furta kalmar daidai kafin a fara tafi.

Masu gaɓa biyu su ne wurin rigima, domin a nan ƙirga ba ta wadatarwa, sai an dubi wutsiyar kalma. Idan ta ƙare da *-y*, ana mai da harafin *i* a ƙara *-er*: *easy, easier, easiest*, haka *happy* da *heavy*. Idan ta ƙare da *-ful*, *-less*, *-ous* ko *-ing*, to *more* take so: *more careful, more famous, more boring*. Sai wani rukuni da Turawan kansu suke faɗa ta hanya biyu, irin su *clever, narrow, simple, quiet, common* da *polite*.

A ce tambaya ta zo haka: *This road is ___ than that one*, sifar kuma *narrow*. Wata yarinya ta rubuta *narrower*, ta kusa da ita ta rubuta *more narrow*. Dukansu sun ci. Amma jerin amsoshin da ke bayan littafi sau da yawa guda ɗaya yake kawowa, kuma malamin da ya dogara da shi zai kayar da ɗaya daga cikinsu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yarinyar za ta tafi gida da yaƙinin cewa ta yi kuskure alhali ba ta yi ba, daga nan ta daina amincewa da kunnenta. Wanda ya faɗi a wannan tambaya shi ne mai *more narrower*, domin ya yi kwatancen sau biyu.

Akwai kuma 'yan tsirarun da ba sa bin kowace ƙa'ida: *good, better, best*, *bad, worse, worst*, *little, less, least*, *much* da *many* kuma su ba da *more, most*. Waɗannan hadda suke so, kamar yadda yaron ya san jam'in sa shanu ne ba tare da an ba shi dalili ba. Abin lura, *better* ta riga ta ƙunshi ma'anar "fi" a cikinta, don haka *more better* tamkar a ce "ya fi fin kyau" ne. A fassara wa yaro wannan sau ɗaya, da wuya ya sake. A kula da *elder* ma: ana cewa *my elder brother* ga yaya, amma ba ta zama da *than*, sai dai *older than*.

Kirana ga malamai da iyayen da ke duba aikin yara da dare: idan amsar yaro a kan sifa mai gaɓa biyu ta saɓa wa ta littafi, a buɗe ƙamus a duba kafin a soke ta.