Abin da Takardar Ɗaukar Aiki Ke Faɗa wa Mai Kwalliya

A yawancin shagunan kwalliya a Kano da Kaduna, da baki ake ɗaukar aiki. Hajiya ta ga hotunan hannun yarinya a Instagram, ta kira ta, suka yi ciniki, shi ke nan. Rigima sai lokacin bukukuwa ya kama, ranar da mai kwalliya ta yi wa amarya da ƙawayenta shida tun hantsi har bayan isha'i, sannan ta tambayi nawa ne rabonta.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta bar abin a baki ba. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa: irin aikin, albashi da lokacin biyansa, awannin aiki, hutu, da wa'adin sallama.

A ɗauka wani shago ya rubuta wa ƙwararriyar mai kwalliya cewa albashinta naira 90,000 ne a wata, da kamashon kashi 10 cikin ɗari na kwalliyar amare. Ga ido, magana ta fito. Amma kashi 10 na me? Idan ta yi amare takwas a wata, kowacce ta biya 40,000, kuɗin ya kama 320,000, kamashonta 32,000. Idan kuwa sai an cire 10,000 a kan kowace amarya, kuɗin mota da gashin ido da hoda, lissafin ya koma kan 240,000, ita kuma ta tashi da 24,000. Wannan 8,000 ɗin ta isa ta raba mutane. Takarda mai kyau takan faɗi daga inda ake fara lissafi, ta faɗi ko ɗaurin ɗankwali yana ciki, ta kuma bayyana wa ke da tukuicin da uwar amarya ta damƙa wa mai kwalliya a hannu. Kada kuma a dogara da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, domin bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma shagon kwalliya da wuya ya kai haka.

Awanni ma haka. "Tara na safe zuwa shida na yamma" ya yi daidai da ranar Talata. Ranar kamu ko dina ba a tashi ƙarfe shida, don haka sai an rubuta nawa ake biya a kan ƙarin lokaci, da wanda zai mayar da ita gida da dare. Doka ta ba ta hutun awa ɗaya idan aikin ya kai awa shida, da cikakkiyar rana ɗaya a kowane mako. Tunda Juma'a zuwa Lahadi ne kasuwar take ci, gara a ambaci Litinin da sunanta.

Dokar ba ta yanke tsawon lokacin gwaji ba. Al'ada ce ta tsayar da wata uku, wasu su kai shida. Abin da ta yanke shi ne wa'adin sallama: kwana ɗaya idan aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu. Wanda ya ga dama yana iya rubuta fiye da haka. Inda masu shago suka fi yin sakaci shi ne ba sa faɗin abin da za a gwada. Saurin hannu ne, ko iya haɗa launi da ya dace da baƙar fata ba tare da fuska ta yi toka-toka a hoto ba? Kuma ranar da gwajin ya cika, sai a ba ta wata takardar ta tabbatarwa, in ba haka ba ta shekara tana "gwaji" a kan ƙaramin albashi.

Sashen ladabin aiki ya fi amfani idan ya sauko kan tebur. A wanke burushi da soso bayan kowace fuska. Kada a mayar da tsinken maskara ɗaya cikin kwalba daga ido zuwa ido, saboda ta nan ciwon ido irin Apolo ke yawo. Jan baki a kankaro shi a shafa da burushi. Kada a sa hoton amarya a intanet sai da izininta, musamman kafin ranar biki, kuma abin da aka ji a ɗakinta ya tsaya a can. Sai babbar maganar, wato aikin gefe: ko mai kwalliya tana da damar karɓar nata amaren a ranar hutunta, da hukuncin ba kwastoman shago lambarta.

Wasu takardun sukan ƙara da cewa duk wadda ta fasa kwalbar hoda za a cire a albashinta. Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci, kuma ko asarar da ganganci ko sakaci ya jawo, ba a cire ta sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce. Idan aka kasa sasantawa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙarar, don haka kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa mai sa hannu da kwanan wata.