Abin da ke ɓoye a cikin man bilicin, da yadda ake gane shi a jikin kwali

A Dogon Daji, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, mai neman man hasken fata ba ta shan wahala. Akwai shi a teburin 'yan koli, akwai shi a kemis, akwai kuma masu haɗawa a cikin gida suna sayarwa a robobi. Kwalayen suna ɗauke da hoton karas ko gwanda ko lemun tsami, sai mai saye ta ɗauka daga 'ya'yan itace hasken zai fito.

Sau da yawa ba haka ba ne. Abin da ke yin aikin ɗaya ne daga cikin sinadarai uku: haidirokwinon, ko sitiroyid mai ƙarfi, ko zaiba, wadda ake kira makuri.

Me ya sa ake ɓoye su?

Dalili na farko shi ne sauri. Sinadarai masu sauƙi irin su bitamin C kan ɗauki watanni kafin a ga ɗan sauyi, ita kuwa mai saye so take ta gani a madubi cikin mako guda. Man da ya yi aiki da wuri shi ake komawa saye, shi ake faɗa wa ƙawaye.

Na biyu kuma doka ce. Ƙa'idojin hukumar NAFDAC na 2019 sun haramta sa zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, sun kuma hana haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100. Wanda ya zuba fiye da haka ba zai rubuta ba, domin ya tona wa kansa asiri ke nan. Lamarin ya kai ga a watan Fabrairun 2023, a wani taro a Kano, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Mako uku kafin biki

A ɗauki misalin amaryar da saura mako uku a ɗaura mata aure. An kai ta gyaran jiki, an ba ta robar haɗi da babu rubutu a jiki. Yadda aka saba yin irin wannan haɗi shi ne a samo man shafawa na yau da kullum, a matse tub biyu ko uku na wani kirim a ciki, a ƙara ɗan ruwan kwalba, a juya.

Waɗannan tub ɗin galibi kilobetasol ne, ɗaya daga cikin sitiroyid mafiya ƙarfi. Magani ne na gaske, na cututtukan fata masu tsanani. Likita kan ba da shi a shafa a wurin ciwon kaɗai, na 'yan makonni, kada ya wuce giram 50 a mako, kuma ana gudun sa shi a fuska. Amarya kuwa tana shafe jiki duka, safe da dare.

Cikin kwanaki za ta yi fari, saboda maganin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini na fata, yana kuma rage aikin ƙwayoyin da ke samar da launi. Bayan biki idan ta daina, fatar ta ɗau ƙaiƙayi da zafi, ƙuraje su fito, duhun ya dawo. Sai ta koma ta sayo wata robar. A nan cinikin mai haɗi yake.

Idan aka yi watanni a haka, fata takan yi siriri har a riƙa ganin jijiyoyi. Nankarwa mai faɗi ta tsage hammata da cinya, makero ya bazu ya ƙi jin magani, ciwo ya daɗe bai warke ba. Maganin kan ratsa cikin jini ya tayar da hawan jini da sukari, fuska ta kumbura ta yi zagaye.

Haidirokwinon da zaiba

Haidirokwinon yana toshe aikin da fata ke yi na samar da launi. Launin nan kuwa shi ne garkuwar fata daga rana, kuma ranar ƙasar Tambuwal da Kebbe ba ta wasa ba ce. Wadda ta daɗe tana shafa mai ƙarfinsa tana shiga rana, sai kumatu da goshi da bayan wuya su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi wanda ke da wuyar gogewa. Da yawa sukan ƙara mai don su kashe tabon, alhali man ne ya kawo shi.

Zaiba ta fi su ɓoyewa, domin ɓarnarta a ciki take. Tana lalata ƙoda, har a ga fitsari yana kumfa, ƙafafu suna kumburi. Tana kawo rawar hannu, mantuwa da rashin barci. Tana kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono, kuma ta tawul da zanin gado tana iya shafar miji da yara. Yarjejeniyar Minamata, wadda Najeriya ke ciki, ta fara da iyakance ta zuwa miligiram 1 a kilo guda na mai, daga baya a 2023 ƙasashe suka amince a daina sa ta kwata-kwata daga 2025.

Yadda ake duba kwali

A juya bayan kwali a nemi jerin da ke ƙarƙashin kalmar Ingredients ko Composition. Idan babu jerin, ko babu sunan kamfani da adireshi da ranar lalacewa, a ajiye shi.

Idan akwai, ga sunayen da za a nema. Haidirokwinon kan zo da Hydroquinone, ko Quinol, ko 1,4-Benzenediol. Sitiroyid kan zo da Clobetasol, Betamethasone ko Fluocinonide, sau da yawa da ɗan ƙaramin adadi kamar 0.05% a gefe. Ƙanƙantar adadin ba ta nufin rauni. A haka ƙarfinsa yake. Zaiba kuwa ana rubuta ta Mercury, Mercuric, Mercurous chloride, Mercurio ko Calomel.

Sai lambar NAFDAC. Rashinta alama ce mara kyau, amma samunta bai wanke mai ba. Ana buga ta jabu, sannan tub ɗin kilobetasol na iya ɗaukar lamba ta gaske saboda an yi masa rajista a matsayin magani, ba man kwalliya ba.

Kwali na iya yin ƙarya, don haka a lura da man kansa. Wanda ya yi alƙawarin fari cikin kwana 7, ko ya sauya fata cikin mako ɗaya, abin zargi ne. Man da ke rikiɗewa zuwa ruwan ƙasa a bakin roba bayan an buɗe shi, da alama akwai haidirokwinon, don haka yake yi idan ya sha iska. Zaiba dai ido da hanci ba sa tabbatar da ita, sai ɗakin gwaji.

Ga wadda ta riga ta fara

Wadda ta yi watanni tana shafa sitiroyid a jiki duka kada ta yanke rana ɗaya. Jiki kan rage samar da nasa sinadarin, kuma yankewa farat ɗaya na iya jawo kasala mai tsanani da faɗuwar jini. A hankali ake janyewa, bisa tsarin likita. Zaiba kuwa nan take ake barinta, musamman ga mai ciki da mai shayarwa.

A tafi asibiti da robar ko kwalin a hannu, a nemi a auna hawan jini da sukari da fitsari. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Kuma a faɗa wa likita gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ana shafawa, domin da shi zai tsara yadda za a daina.