Buhu 37 ko 45? Yadda ake gina manhajar da ba ta jiran sabis

Duk mai amfani da WhatsApp ya san ɗan agogon nan da ke fitowa a gefen saƙo idan sabis ya ɗauke. Saƙon bai ɓata ba, yana nan cikin waya yana jiran hanya. Da zarar sabis ya dawo sai agogon ya koma alamar an tura. Wannan ɗan agogo shi ne ƙofar fahimtar wani salon gina manhaja, wanda tun daga tushe ake ɗauka cewa rashin sabis shi ne halin yau da kullum, samunsa kuwa sa'a ce.

Yawancin manhajojin da muke saukewa an gina su ne a kan akasin haka. Ka danna maɓalli, wayar ta aika tambaya ga babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, wadda ake kira saba, ta zauna jiran amsa. Idan amsa ba ta zo ba, aiki ya tsaya. A wancan salon kuwa, manhaja tana fara rubuta komai a rumbun da ke cikin wayar kanta. Wayoyin Android suna zuwa da irin wannan rumbu mai suna SQLite. Daga shi manhajar ke karantawa, a cikinsa take rubutawa, sannan ta jera duk abin da aka yi a layi, ta tura wa saba lokacin da hanya ta buɗe.

Ajiyewa a waya abu ne mai sauƙi. Wahalar tana ranar da za a haɗa lissafi.

Mu ɗauki shagon taki a wata kasuwar ƙauye. Da safe akwai buhu 50 a sito. Maigida yana da waya, yaron shagonsa ma yana da tasa, kuma kowacce ta san buhu 50 ne. Sabis ya ɗauke tun hantsi. Maigida ya sayar da buhu 8, wayarsa ta nuna saura 42. Yaron ya sayar da 5, tasa ta nuna saura 45. Bayan Magariba sabis ya dawo. Wayar maigida ta riga turawa, ta ce saura 42. Ta yaron ta biyo baya, ta ce saura 45. Idan saba tana bin ƙa'idar cewa na ƙarshe shi ne gaskiya, sai ta rubuta 45, alhali a sito buhu 37 ne. Cinikin buhu 8 ya shafe daga lissafi, kuma babu wata gargaɗi da za ta fito a allo. Sai ranar ƙidayar kaya a ga giɓi, a fara kallon yaron da bai ci komai ba. Wannan ne ya fi damuna a lamarin: kuskuren mai gina manhaja ne, amma wanda ba shi da baki ne ke ɗaukar zargi.

Maganin yana nan a littafin bashi na kowane ɗan kasuwa. Mai littafi ba ya goge jimla ya rubuta sabuwa. Yana rubuta abin da ya faru ne, layi bayan layi. Haka ya kamata waya ta yi. Kada ta ce saura 42, ta ce an fitar da buhu 8. Ɗayar ta ce an fitar da 5. Saba ta debe duka biyun daga 50, ta sami 37, ko wanne ya riga isowa. Daga nan kowace waya ta sauke abin da 'yar'uwarta ta rubuta, su biyun su nuna 37.

Akwai wani rami a gaba. Wayar maigida ta tura labarin buhu 8, saba ta karɓa ta rubuta, amma kafin amsar "na karɓa" ta dawo sai sabis ya katse. Wayar ba ta da hanyar sanin ko saƙon ya isa, don haka dole ta sake turawa. Idan saba ta sake debewa, lissafi ya koma 29. Abin da ake yi shi ne, tun lokacin da aka yi cinikin wayar ta liƙa masa lambar shaida tasa shi kaɗai, kamar lambar rasit. Ba za a yi amfani da 1, 2, 3 ba, domin wayoyin biyu za su iya ba ciniki daban-daban lamba ɗaya. Ana amfani da wata doguwar lamba da ake kira UUID, wadda wayar ke ƙirƙira da kanta, kuma tsawonta ya sa da wuya ƙwarai biyu su zo ɗaya. Idan saba ta ga lambar da ta taɓa gani, sai ta amsa cewa ta karɓa, ba tare da ta sake debe komai ba. Ita kuma wayar ba ta cire ciniki daga layi sai amsar ta shigo hannunta.

Agogon waya ma ba abin dogaro ba ne wajen tantance wanda ya riga, domin wata wayar kwanan watanta ma ba daidai yake ba.

Akwai kuma saɓanin da lissafi ba ya warwarewa. A ce buhu 3 ne suka rage, maigida ya sayar wa wani manomi su a bakin kasuwa, yaron ya sayar wa wani su a shago. Kuɗi biyu sun shiga, kaya ɗaya ne. A nan aikin manhaja shi ne ta ajiye cinikin biyu, ta nuna wa maigida a fili cewa an sayar da abin da babu, shi ya yanke wanda za a ba kaya da wanda za a mayar wa kuɗi ko a ba haƙuri zuwa gobe. Rumbun bayanai na CouchDB, wanda aka gina domin irin wannan aiki, haka yake yi: idan gyara biyu suka ci karo, yana nuna ɗaya, amma yana adana ɗayan har sai an zo an sasanta. Da shi da ɗan'uwansa PouchDB ƙungiyar eHealth Africa, mai ofishi a Kano, ta gina manhajar bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar Ebola a annobar 2014.

Sai batun tsawon jira. Mai gini yakan zaci sabis zai dawo bayan awa ɗaya ko biyu. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni. Manhajar da ke neman a sake shiga da kalmar sirri ta intanet duk bayan kwana biyu, a irin wannan hali ta kulle mai ita a waje, kayansa na ciki. Kuma idan layi ya yi tsawo, a riƙa turawa kaɗan-kaɗan, rubutu a gaba, hotuna a baya, ta yadda katsewa ba za ta sa a faro daga farko ba.

Haɗari ɗaya ba ya gushewa: abin da ba a tura ba, a wayar nan kaɗai yake. Idan ta faɗa ruwa, ko aka sace ta, ko mai gyara ya goge manhajar, ya tafi. Shi ya sa dole allo ya riƙa faɗa ƙarara: ciniki 13 ba su tafi ba, turawa ta ƙarshe ranar Talata ce. Yaron shago da ya ga haka ya san ya kamata ya hau tudun da ake samun sabis kafin ya kai wayar wurin mai caji.

Kafin maigida ya amince da kowace manhaja, zai iya gwada ta da kansa. Ya kashe data a wayoyi biyu, ya sayar da 8 a ɗaya, 5 a ɗaya, ya kunna, ya sake kashewa ana tsakiyar turawa, sannan ya kunna ya bar su su gama. Wayoyin biyu su nuna 37.